Bulon Kumfa Ko Bulon Siminti: Wanne Ya Dace Da Dandin Mahe?

Duk wanda ya kwana a ɗakin bulo a Dandin Mahe cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, ya san yadda bango ke ajiye zafin rana ya riƙa amayar da shi har tsakar dare. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba wani bulo da ake kira bulon kumfa.

A ƙasar Suwidin aka fara yinsa don sayarwa a 1929. Ana haɗa niƙaƙƙen yashi da siminti da farar ƙasa da ɗan garin alminiyam. Sai kwaɓin ya kumbura kamar ƙullin burodi, a yanka shi, a turara a babbar tukunyar tururi. Ƙananan ramukan iska da ke cikinsa su ne ke hana zafi ratsawa. Bulon siminti kuwa, ko mai rami ne, zafi na bin jikinsa ya shige.

Wajen ƙarfi, bulon kumfa mai kyau ya isa ɗaukar gida marar bene, amma gefensa na saurin ɓantarewa, kuma ƙusa ba ta kama shi sosai. Namu bulon ba shi da laifi sai in an yi masa ƙwauron siminti. Buhun da ya kamata ya ba da bulo mai inci 9 kamar 25, wasu kan buga 40 da shi. Mu kankare shi da ƙusa: in yashi ya zubo, kada mu saya.

Bari mu ɗauki ɗaki mai mita 4 kowane gefe, tsayi mita 3. In an cire ƙofa da taga, zai ci bulon siminti wajen 440, ko na kumfa wajen 370. Filasta ciki da waje mai kaurin milimita 15 za ta ci kwaɓi ninki uku na milimita 5 da ta ishi bulon kumfa. Sai dai bulon kumfa na shanye ruwan kwaɓi, filastar ta bushe tun ba ta kama ba, ta tsattsage. Dole a share ƙura, a ɗan jiƙa bango, a sa raga inda ya haɗu da ginshiƙin kankare.

Babbar matsalar ita ce kuɗi. Bulon siminti a filin gini ake buga shi, ga kamfanin siminti a Kalambaina. Bulon kumfa sai masana'anta, ga kuɗin mota, ga karyewa a hanya.

Shawararmu ga kwamitocin gini ita ce, a lissafa kuɗin bango bayan an gama filasta, ba kuɗin bulo guda ba. In aljihu bai kai ba, a buga bulon siminti mai kyau, a shayar da shi ruwa kwana 7, a sa silin, domin ta kwano zafi ya fi shigowa.