Me Ya Sa Masana Ke Kiran Kuka Da Suna *Adansonia digitata*?

Itacen da Bakano ke kira darbejiya, wasu dogon yaro suka san shi da shi, wasu kuma maina. A hira wannan ba ya hana fahimta, domin ana iya nuna itacen da yatsa. Matsalar tana tasowa ne idan an zo rubutu. Mai binciken magani a Zariya da ke son ya karanta abin da aka gano game da wannan itace a Indiya yana buƙatar suna guda wanda shi da Ba'indiyen suka yarda da shi. Sunan kuwa shi ne *Azadirachta indica*, haka ake rubuta shi a ko'ina cikin duniya.

Wanda ya daidaita wannan tsari shi ne Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin da ya rayu daga 1707 zuwa 1778. Kafin zamaninsa, sunan tsiro a littattafan Turai jimla ce doguwa da ke siffanta ganye da fure da saiwa, wani lokaci ta kai kalmomi goma. Duk sanda aka gano sabon tsiro mai kama da na da, sai a ƙara wa jimlar tsawo. A littafinsa na 1753 mai suna *Species Plantarum*, Linnaeus ya ba kowane tsiro suna mai kalmomi biyu kacal. A 1758 ya yi wa dabbobi haka a bugu na goma na *Systema Naturae*. Har yau daga waɗannan shekaru biyu ake fara lissafin sunayen da aka amince da su: 1753 ga yawancin tsirrai, 1758 ga dabbobi.

Zaɓen Latin ba shi da wani sirri. A Turai ta wancan lokaci, Latin ne harshen ilimi, kamar yadda malaman Katsina da Tambutu da Masar ke rubuta wa juna da Larabci ko da kowa na da harshen gidansu. Abin da ya sa aka ci gaba da shi kuwa, babu al'ummar da ke magana da shi a matsayin harshen uwa, don haka kalmominsa ba sa sauya ma'ana daga wannan gari zuwa wancan, kuma babu ƙasar da za ta ce an fifita harshen wata a kan nata. Ba kuma dole ne asalin kalmar ya zama Latin ba, siffar Latin kawai ake ba ta. *Tamarindus*, wato tsamiya, daga Larabci ya fito: tamar hindi, dabinon Indiya.

Tsarin kalmomi biyun ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Muna cewa gwandar gida da gwandar daji, kalma ta farko ta tara, ta biyu ta bambanta. Haka sunan kimiyya yake. Kalma ta farko sunan dangi ce, ta biyu kuma ita ke ware nau'i guda daga cikin dangin. Albasa ita ce *Allium cepa*, tafarnuwa *Allium sativum*. Da ganin sunayen ka san 'yan gida ɗaya ne. Zaki *Panthera leo*, damisa *Panthera pardus*. Bambancin kawai shi ne, tarawar Bahaushe ta kamanni ce, ta masana kuwa ta zumuncin asali ce, shi ya sa gwandar gida da ta daji suke dangi daban-daban a wurinsu.

Mu ɗauki kuka mu bi sunanta daki-daki: *Adansonia digitata*. Kalmar farko an yi ta ne don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin itacen a Senegal. Ta biyu tana nufin mai yatsu, kuma duk wanda ya taɓa tsinkar ganyen babbar kuka ya san a rarrabe yake kamar yatsun hannu. Wajen rubutu, harafin farko na sunan dangi babba ne, sunan nau'i kuwa duk da ƙananan haruffa, ko da daga sunan mutum ko gari aka samo shi. Akwai wani tsiro da aka raɗa wa suna daga Sakkwato, amma *Gardenia sokotensis* ake rubutawa, da ƙaramin s. Idan da na'ura ake bugawa, sai a karkata haruffan kalmomin biyu. Idan da hannu ne, kamar a takardar jarrabawa, sai a ja layi ƙarƙashin kowace kalma daban.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar kalma ta biyu ita kaɗai a matsayin suna. Idan ɗalibi ya rubuta *senegalensis* kawai, bai faɗi komai ba, domin maɗaci *Khaya senegalensis* ne, sabara *Guiera senegalensis*, gwandar daji kuma *Annona senegalensis*. Itatuwa uku ne da ba su haɗa dangi ba, kuma ga mai harkar magani ruɗa su ba ƙaramin haɗari ba ne. Abin da aka yarda a gajarta shi ne sunan dangi, bayan an rubuta shi cikakke sau ɗaya. Sai a ce *A. digitata*. A nan ma sai da lura, domin idan rubutun ya ƙunshi kuka da darbejiya da albasa, duk da harafin A suke farawa, gara a cika sunayen. Idan an san dangi amma ba a tantance nau'in ba, sai a rubuta *Allium* sp., in nau'o'in suna da yawa kuma *Allium* spp., ba tare da karkata waɗannan gajerun kalmomi ba.

Wani lokaci za ka ga an ƙara haruffa bayan sunan, kamar *Adansonia digitata* L. Wannan L. ɗin Linnaeus ne, wanda ya raɗa sunan, kuma ba a karkata shi. Gawo ya fi nuna amfanin wannan ƙari. Masani Delile ya fara kiransa *Acacia albida*. Daga baya Auguste Chevalier ya ga ya bambanta da sauran dangin, ya ware shi a 1934. Yanzu cikakken sunansa *Faidherbia albida* (Delile) A.Chev. Sunan da ke cikin baka na wanda ya fara siffanta itacen ne, na waje kuma na wanda ya mayar da shi sabon dangi. Saboda haka idan ka ga sunaye biyu a tsohon littafi da sabo, itace guda ake nufi. Bincike ne ya sake masa gida.

Kada kuma a ɗauki ma'anar suna a matsayin hujja. Tsamiya *Tamarindus indica* ce, alhali asalinta Afirka ne. Dokar ita ce, sunan da aka fara wallafawa bisa ƙa'ida shi ke tsayawa, ko da ma'anarsa ba ta dace ba, domin aikinsa ya zama alamar da kowa zai gane.

Ga marubutan Hausa ina da roƙo guda. Mun saba mayar da baƙin kalmomi rubutunmu, kuma hakan daidai ne a kan mota da asibiti. Amma sunan kimiyya ba a taɓa harafinsa, domin wanda ya nemi "Adansoniya dijitata" a littafi ba zai same ta ba. Rubuta kuka da Hausa tukuna, sannan ka biyo ta da *Adansonia digitata* harafi da harafi.