Wasiƙar Ɗan Kasuwa Ga Mai Gidan Haya

Ma'aikaci na neman haya da takardar albashi, ɗan kasuwa kuwa sai ya haɗa takardar neman hayarsa da gajeriyar wasiƙa. Mai gida tambaya ɗaya ke ransa: in kasuwa ta yi sanyi, daga ina kuɗin haya zai fito?

A ce mai sayar da atamfa ne a Kantin Kwari. Sai ya fara da "Ranka ya daɗe," ya faɗi sana'arsa da shekarunsa a shago. Sannan ya faɗi gaskiya: ciniki na bunƙasa gab da Sallah, ya ja baya da damina. Ya kawo ribar shekara guda, ya raba gida 12, ya nuna wata mafi rauni. Ya haɗa takardar shige da ficen kuɗinsa ta banki, ya ambaci dattijon kasuwa da zai tsaya masa, ya sanya ranar biya bayan Sallah.

Babban kuskure shi ne rubuta kuɗin ciniki a matsayin riba. Da mai gida ya ga yawancin kuɗin na komawa wurin dila, amana ta zube.