Kalmar da Likita Ba Zai Kauce Mata Ba

A ɗauka an kawo wani dattijo sashen gaggawa da asuba, zuciyarsa ta buga. An shafe rabin awa ana danna masa ƙirji, amma rai ya yi halinsa. A waje ga uwargidansa, ga ƙaninsa, ga babban ɗansa riƙe da takardar magani. Yanzu wa zai fita ya faɗa musu, kuma da wane baki?

Wannan aiki koyar da shi ake yi. A shekarar 2000 Walter Baile da Robert Buckman da abokan aikinsu suka wallafa matakai 6 na isar da mummunan labari, kuma na farkonsu shi ne gyara wurin zama. Ba a faɗin rasuwa a tsaye a baranda. Likita zai shigar da iyalin ɗaki, ya tabbatar da sunan majinyacin da dangantakar kowa da shi, sannan shi ma ya zauna.

Sai ya fara da tambaya: "Alhaji, yaya jikin nasa yake kafin ku taho?" Daga amsar zai gane inda saninsu ya tsaya. Daga nan ya share fage: "Hajiya, labarin da na zo da shi mai nauyi ne. An kawo Baba zuciyarsa ta tsaya. Mun yi minti talatin muna ƙoƙarin tayar da ita, ba ta tashi ba. Allah ya yi masa rasuwa da ƙarfe shida da kwata."

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Tausayi kan sa likita ya tsaya a kan "sai haƙuri" ko "jikin ya yi tsanani". Mai jin haka zai iya ɗauka da sauran numfashi, kuma alamar ita ce ka ji ɗan ya tambaya, "To, a sayo maganin?" Idan aka kai nan, dole a sake faɗa, ciwo ya zama biyu. Hausa tana da kalma mai taushi wadda ba ta da harshen damo: ya rasu.

Bayan ta fita, sai likita ya yi shiru. Ya bar su su yi salati, su yi kuka, kada ya cika ɗakin da bayanin allurai.

Tambayar da ke biyowa ita ce mafi haɗari: "Likita, da mun kawo shi tun jiya fa?" Ko da akwai jinkiri, ranar ba ta ɗora laifi ba ce. Ya isa ya ce, "Kun kawo shi, kun tsaya a kansa. Allah ya jiƙansa." Kuma ya ci gaba da cewa "Baba", kada ya ce "gawar".

Da yake iyalan Musulmi kan so a yi jana'iza a ranar, kada likita ya tashi sai ya faɗa musu yaushe za su shiga su gan shi, wa zai ba su takardar shaidar mutuwa, da lokacin da za su iya tafiya da shi gida.