Minti Biyu a Gaban Dila: Yadda Sabon Kaya Ke Shiga Kasuwar Singa

A Kasuwar Singa ta Kano, inda masu shaguna ke sarin kayan masarufi katan-katan, dila ba ya da lokacin doguwar hira. Ana lodi, ga waya a kunne, yaran shago na jiran lissafi. Wanda ya zo masa da sabon kaya, da wuya ya samu fiye da minti biyu.

Masu ƙananan sana'o'i da yawa kan ɓata wannan dama wajen yabon kayansu: yana da daɗi, an yi shi cikin tsabta. Dila ya saba jin haka daga bakin kowa. Abin da ke ransa shi ne ribar da zai ci a katan, da kwanakin da kayan zai yi kafin ya fita, domin kuɗin da ya kwanta a sito asara ne.

A ɗauki misalin mai haɗa yajin daddawa a roba, 24 a katan. A ce tana ba dila katan a ₦19,200, shi ya sayar wa mai shago ₦21,000, mai shago kuma ya sayar da roba ɗaya ₦1,000. Dila ya ci ₦1,800 ke nan, mai shago ₦3,000. Da wannan lissafi a kanta za ta shiga, ta yi sallama, ta ɗora robar a kan tebur:

"Alhaji, barka da kasuwa. Yajin daddawa ne, ga lambar NAFDAC, ga ranar ƙarewar wa'adi. Kuna da ₦1,800 a kowane katan. Shaguna huɗu a unguwarmu suna sayarwa, kuma sun sake nema. Zan bar muku katan biyu, in dawo bayan mako biyu. Abin da ya fita ku biya ni, wanda ya rage in kwashe abina."

Wannan tayi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan maganar, don ya sauke wa dila tsoron asara. Sai dai bashi ne, kuma yana cin jari. Shi ya sa katan biyu ya isa gwaji, a kuma rubuta adadi da farashi da rana a takarda, kowa ya riƙe tasa. Maganar shaguna huɗun nan ma dole ta zama gaskiya, domin dila na iya tambayar sunayensu.

Idan ya juya robar yana duba murfi, ya ce, "Nawa za ki bari in na ɗauki goma?" to ciniki ya kama hanya. "Ajiye, za mu gani" kuwa, ba tare da an tsayar da rana ba, yawanci sallama ce.

Akwai kuma abin da ke ɓata huldar bayan an ƙulla ta: mai kaya ta zagaya ta sayar wa masu shagunan da ke sari a wurin dilan a ƙasa da ₦21,000. Ranar da labari ya kai masa, zai sa yaro ya fito mata da sauran katan ɗinta.