Ƙasa da Haka Ba Mu Sayarwa: Yadda Ƙungiyar Manoma Ke Tsayar da Farashi

Duk wanda ya saba shiga kasuwar hatsi ta Saminaka ko ta Giwa a watan Nuwamba ya san yadda kaka take yi wa manomin masara. Kowa ya girbe a lokaci guda, kowa yana bukatar kuɗi a lokaci guda, dillali kuwa ya san da haka. Idan ka ƙi tayinsa, ga wani a bayanka da buhu biyu a kan babur, zai sallama. Wannan ne ke sa manoma su haɗa kayansu a ƙarƙashin ƙungiyar gama kai, su ce akwai farashin da ba za su sauka ƙasa da shi ba. Faɗin hakan a taro ba wuya. Wuyar tana wajen gano adadin, da kuma riƙe shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsayar da farashi daga buri. Wani ya miƙe ya ce bara da bazara buhu ya kai kaza, don haka bana kada a saurari ƙasa da haka, a yi tafi a watse. Mafi ƙarancin farashi ba shi ne farashin da ake fata ba. Shi ne iyakar da in aka sauka ƙasa da ita manomi ya ci uwar kuɗinsa, saboda haka daga gona ake fara lissafinsa.

Bari mu ɗauki misali, da alƙaluman da muka sa don saukin lissafi kawai. Ƙungiya ce mai mutum 30, za su tara buhu 300 na masara, kowane buhu kilo 100. A ce hekta ɗaya ta ci naira 600,000 tun daga huɗa, iri, taki, maganin ciyawa, har girbi da casa. A cikin wannan kuɗi dole a sa ladan aikin manomin da na 'ya'yansa, domin da yawa suna mantawa da guminsu, su ɗauka sun ci riba alhali ƙwadago suka yi kyauta. Idan hektar ta ba da buhu 20, kowane buhu ya tsaya a kan 30,000. Sai a ɗora kuɗin buhu, dako, mota da ajiya, a ce 2,500. Masara tana ƙara bushewa a sito, nauyinta ya ragu, a ware 600 saboda wannan. Ƙungiya ta ɗauki 400 na hidimarta. An kai 33,500. In aka amince da ribar 3,500, mafi ƙarancin farashi ya zama 37,000.

A nan gardama take tashi, kuma gardama ce mai tushe. Wanda ya samu buhu 25 a hektarsa, buhunsa ya tsaya masa a 24,000, zai so a sayar da wuri. Wanda ya samu 15 kacal, nasa ya kai 40,000, zai ce 37,000 faɗuwa ce. In aka bi na farko, an cuci masu rauni. In aka bi na biyu, an sa farashin da babu mai saye. A ganina, abin da ya dace shi ne a yi lissafi da amfanin da mafi yawan mambobi suka samu, a kuma gaya wa mai buhu 15 gaskiya cewa farashi ba zai gyara masa ƙarancin amfani ba. Taimakon da yake bukata na iri ne da taki a damina mai zuwa.

Farashi ɗaya kuma yana bukatar kaya iri ɗaya. Buhun kasuwa ba ma'auni ba ne, wani a cika shi har ya yi kai, wani a ɗinke shi da sauran wuri. Sai an sa sikeli. A duba bushewa, domin masarar da za a ajiye ana so damshinta ya sauko kusan kashi 13 cikin ɗari, in ba haka ba ta yi fumfuna. A raba fara da rawaya, a mayar da mai tsakuwa da mai ƙwari. Buhu goma marasa kyau sun isa su sa mai saye ya rage wa duka ɗari ukun kuɗi.

Amma abin da ke rusa irin wannan yarjejeniya yawanci ba dillali ba ne, bukata ce. A ce kasuwa tana 31,000 a kaka. Mamba yana da mara lafiya a asibiti, ko mai taki yana binsa bashi, ko ga bikin 'ya ya matso. Zai fitar da buhu biyar da asuba ya sayar, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba. Da zarar masu saye sun samu mutum uku irinsa, sun gane bango ya tsage, sai su koma gefe su jira sauran. Alamar tana bayyana a littafin sakatare: mutum ya yi alkawarin buhu goma ya kawo huɗu, ko ya fara ƙauracewa taro. Tara tana da amfani idan an rubuta ta a dokokin ƙungiya, amma tara ba ta biyan kuɗin magani.

Maganin shi ne ƙungiya ta iya ba mamba wani abu a hannu ranar da ya kawo kaya. Manoman Jamhuriyar Nijar sun daɗe da irin wannan tsari: a zuba hatsi a sito a matsayin jingina, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajen ƙungiya, ɗaya wajen asusun da ya ba da rance, manomi ya karɓi wani kaso na darajar kayansa, sauran sai an sayar. A misalinmu, kashi 70 cikin ɗari na 31,000 ya kama 21,700 a kowane buhu.

Sai dai a yi hattara da kuɗin rancen. Idan abin da ake ɗorawa ya kai kashi 3 cikin ɗari a wata, cikin wata huɗu ya haura 2,600 a buhu. A cire wannan da 3,500 na ɗawainiya daga 37,000, abin da ya rage 30,900 ne, kusan kunnen doki da wanda ya sayar tun a kaka. Ke nan ga mai rance, jira ba ya biya sai farashi ya wuce iyakar da aka sa. Shi ya sa ƙungiyar da ke da asusun kanta, ko ta samu kamfanin abincin kaji da zai kwashi buhu 300 a mota ɗaya ba tare da la'adar dillali ba, ta fi samun sarari.

Ba kuma kowace shekara farashi ke tashi da bazara ba. Bayan gwamnatin Najeriya ta janye harajin shigo da wasu nau'o'in hatsi na kwana 150 a 2024, farashin masara ya yi ƙasa a 2025, waɗanda suka ajiye kaya da yawa sun ji jiki. Ƙungiyar mutum 30 ba ta juya kasuwar Dawanau. Don haka a rubuta tun farko ranar da za a sake zama, wa ke da ikon sallamawa, da abin da za a yi in Afrilu ya zo kasuwa ba ta kai ba: a sayar da rabi, ko a sauke iyakar da amincewar taro. Masu tumatir kuwa ba su da wata huɗun jira, nasu sai dai a daidaita da mai saye kafin a tsinka.

Kafin ku ɗaga hannu a taro, ku nemi a karanta lissafin buhu ɗaya a gaban kowa, sannan ku tambayi shugabanni nawa ne a asusu don mamban da bukata za ta taso masa gobe.