Minti Biyar na Hedimasta a Safiyar Farko

Ranar Litinin ta farkon zangon farko, a watan Satumba, layin 'yan aji ɗaya ne ya fi kowane layi karkacewa a filin asambuli. Yara ne 'yan shekara 6, shekarun da ake shiga firamare a Nijeriya, inda dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta. Wani rigar yayansa ce a jikinsa, wata kuwa ta riƙe hijabin yayarta gam. Su ne hedimasta zai yi wa maraba bayan addu'a da taken ƙasa.

Hedimastan da ya san aikinsa ba ya wuce minti biyar, domin ƙaramin yaro a tsaye cikin rana ba ya jure dogon jawabi. Da Hausa yake magana. Zai yi sallama, ya jira su amsa, tunda wannan sun iya ta daga gida da makarantar allo, kuma yaron da ya buɗe baki sau ɗaya ya rage tsoro. Sai ya ce, misali: "Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Ga malamarku nan, ku dube ta da kyau. Wancan ɗakin mai koren ƙofa shi ne ajinku."

Daga nan sai ƙararrawa, kuma a ganina nan ne zuciyar jawabin. Ya sa a kaɗa ta a gabansu, ya bayyana cewa ta tara ta cin abinci da wasa ce, za a koma aji, ta tashi kuma tana zuwa daga baya. Idan ya tsallake wannan, da an kaɗa ta tara sai ka ga ƙanana sun rataya jaka sun nufi ƙofa, a zatonsu an tashi. Haka ma banɗaki: ya nuna shi da hannu, ya koya musu ɗaga hannu su nemi izini. Yaron da ya yi fitsari a wando ranar farko saboda tsoron tambaya, abokai suka yi masa dariya, washegari sai an jawo shi yana kuka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa sababbi da tsofaffi a faɗa ɗaya. Gargaɗin makara da aski da yanke farce na 'yan aji shida ne, amma ƙanana ne suke jin sa a jiki, musamman in akwai bulala a hannu. Gara a sallami manya tukuna. Zancen rajista da takardar haihuwa kuma na iyaye ne, a ofis.

In an gama, malamar ajin ta shige gaba, su bi ta biyu-biyu, ta kira sunan kowa daga rajista ta nuna masa wurin zamansa.