Abuja ce ta yi arzikin, ko 'yan Mararaba?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Kun san hoton nan da ke yawo lokaci zuwa lokaci, wanda ake jera jihohi daga mai arziki zuwa matalauciya, an rubuta GDP a samansa? Da ya fito sai faɗa ya kaure. Wani ya ce Legas ce ke ciyar da ƙasa, wani ya ce ƙarya ne, Kano aka danne. To kafin mu zagi juna, bari mu duba me lambar take aunawa.

Ma'aunin nan yana ƙirga darajar kaya da ayyukan da aka samar a cikin iyakar wani wuri a shekara guda. Kuma ƙarin daraja yake ƙirgawa, ba yawan ciniki ba. A ce manomi a Kura ya sayar da buhun shanshera naira dubu 40, bayan ya kashe dubu 15 a taki da iri da man ban ruwa. Abin da ya ƙara dubu 25 ne. Mai injin casa ya saya, ya ƙona gas na dubu 5, ya sayar dubu 55, shi kuma dubu 10 ya ƙara. Haka ake bi ana tarawa don kada a ƙirga buhu ɗaya sau biyu.

Amma ku riƙe kalmar nan: a cikin iyaka. Ma'aunin yana tambayar ina aka yi aikin, ba ya tambayar aljihun wa kuɗin ya shiga.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Keffi zuwa Abuja da ƙarfe shida na safe ya ga abin da nake nufi. Motoci jere daga Masaka da Ado da Mararaba, kowa ya nufi cikin gari. Waɗannan unguwanni a Ƙaramar Hukumar Karu suke, jihar Nasarawa. Ta ɗaya ɓangaren ga 'yan Suleja da Madalla, jihar Neja. Ma'aikacin banki, direba, mai gadi, birkila, duk abin da suka samar daga safe zuwa yamma a littafin Abuja ake rubuta shi. Da daddare su koma gida, a ƙirga su cikin mutanen Nasarawa ko Neja.

Bari mu yi lissafi da ƙananan lambobi, misali ne kawai. A ce Abuja mutum 100 ke kwana cikinta, Mararaba ma 100. A kowanne gari mutum 50 ke aiki, kuma kowane ma'aikaci yana samar da naira miliyan 4 a shekara. Babu wanda ya fi wani ƙwazo. Sai dai cikin ma'aikatan Mararaba, 30 Abuja suke zuwa, 20 ne ke aiki a gida.

Yanzu Abuja tana da ma'aikata 80, wato miliyan 320. Raba wa mazaunanta 100, kowa ya tashi da miliyan 3.2. Mararaba ma'aikata 20, miliyan 80, kowa dubu 800. A takarda ɗan Abuja ya ninka ɗan Mararaba sau huɗu. Amma idan ka bi kowane ma'aikaci zuwa inda yake kwana, garuruwan biyu kunnen doki suke, miliyan 2 kowane mutum. Ba wanda ya yi maguɗi. An ɗauki aikin mutum 80 ne aka raba wa gidajen mutum 50.

Ban ce Mararaba da Maitama ɗaya suke ba fa, kada a yanko wannan a yaɗa. Cewa nake wani ɓangare na tazarar daga inda aka ja layin iyaka ya fito. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Luksambag tana cikin ƙasashen da ke sahun gaba a duniya a arzikin kowane mutum, alhali kusan rabin ma'aikatanta daga Faransa da Beljiyam da Jamus suke tsallakowa kullum. Birnin Washinton ma ya fi kowace jiha ta Amurka a wannan lissafin, kuma masu shigowa aiki daga Meriland da Bajiniya na cikin dalilan.

A misalin Abuja mutane ne ke tafiya. Akwai inda kuɗin ne ke tafiya. Ɗauki Bayelsa. Man da aka haƙo a ƙasarta a lissafinta yake shiga, kuma mai yana da tsada, jihar kuma ba ta da yawan jama'a, don haka lambar kowane mutum sai ta yi kyau. To amma kuɗin man kamfanoni da asusun tarayya yake tafiya. Tsarin mulki ya tanadi aƙalla kashi 13 cikin ɗari ya koma wa jihohin da aka haƙo shi, sannan su karɓi kasonsu kamar kowa. Masunci a bakin rafi bai ga gangar mai a tukunyarsa ba. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa a 2022, wanda ke duba lafiya da ilimi da ruwan sha da muhalli da aikin yi, Bayelsa ce ta zo ta biyu a yawan masu fama, bayan Sakkwato.

Sai batun da ya fi ba ni haushi, lambar da ake rabawa da ita. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya 2006 aka yi. Ta ba Kano kimanin miliyan 9.4, Legas kimanin miliyan 9.1. Gwamnatin Legas ta ƙi yarda, ta ce mutanenta sun kai miliyan 17.5. To duba abin dariya: idan ka yarda da lambar Legas ɗin, arzikin kowane ɗan Legas ya ragu da kusan rabi nan take. Ba zai yiwu mutum ya ɗauki babbar lamba ranar da ake musun yawan jama'a, ya ɗauki ƙarama ranar da ake musun arziki ba.

Shi kansa jimillar ƙiyasi ne. A 2014 da aka sabunta shekarar da ake dogara da ita daga 1990 zuwa 2010, arzikin Najeriya na 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa kusan 510, saboda an ba sadarwa da fina-finai da sauran ayyuka nauyin da ya dace da su. Idan na ƙasa baki ɗaya ya iya motsawa haka, ina ga na jiha, inda sai an yi ta kintace kafin a san ribar kamfanin waya nawa za a rubuta wa Gusau, nawa za a bar wa hedikwata a Legas? Cinikin Dawanau da Kantin Kwari kuwa, mai yawa daga ciki ba rasit, ta hanyar bincike da ƙiyasi yake shiga.

Lambar tana da amfaninta. Tana nuna inda ayyuka suka taru, da abin da jiha ta dogara da shi, noma ne ko mai ko kasuwanci, da ko tana girma idan an cire hauhawar farashi. Mai son kafa masana'anta yana buƙatar sanin wannan. Amma idan tambayarka ita ce su wa suka fi jin daɗin rayuwa, binciken gidaje za ka nema, wanda ke tambayar abin da iyali ke ci da abin da suke kashewa.

A nan kuma dole in faɗa mana gaskiya, mu 'yan Arewa. Binciken gidaje na 2018 zuwa 2019 ba ruwansa da hedikwatar banki, gida-gida aka bi. Ya nuna masu talauci a Legas ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, Kano ta haura kashi 50, Sakkwato ta kusa 88. Duk ramukan da na lissafa ba su cike wannan tazarar ba.

Mu tsaya nan. Wanda ke zaune Mararaba ko Suleja yana aiki Abuja, ya faɗa mana nawa kuɗin mota ke cinyewa a albashinsa kowane wata. Sai mun haɗu a shiri na gaba.